Babi na Shida: A sayar da tunkuza, ko a soya ƙuli-ƙuli?

Darasi na farko

Ku buɗe shafi sabo, ku ja layi a tsakiya daga sama har ƙasa. Wadda fensirinta ya dakushe ta fiƙe yanzu, za mu jira ta.

Mai matsar gyaɗa abu ɗaya take saya, abu biyu take samu. Ta soya gyaɗa, ta murje, ta sheƙe, ta kai inji a markaɗa, ta zuba a turmi tana juyawa tana yayyafa ruwan zafi har mai ya taso. Ga mai a kwalba, ga tunkuza a roba. Wannan wurin da suka rabu za mu kira shi mararraba. Ku rubuta a saman layin da kuka ja: mararraba. Kuɗin da aka kashe kafin a iso nan ya zauna a hagu, wanda za a kashe daga nan gaba ya zauna a dama.

Ga misali. Farashin na koyo ne, kowa ta sa na kasuwarsu daga baya. Gyaɗa tiya 10, kowace tiya naira 3,000, ya kama 30,000. Itacen suya da kuɗin inji 3,000. Duka 33,000, a hagu. An sami mai kwalba 8, kowace 3,000, wato 24,000. Tunkuzar kuma mai kilishi ya taya 12,000.

To, a ba shi, ko a mulmula a soya?

Darasi na biyu

Tambaya uku ce, kuma a bi su a jere.

Ta farko: in na soya, nawa zan sayar da ƙulin? A ce 19,000.

Ta biyu: nawa ya ƙaru a kan abin da mai kilishi zai ba ni? Ku ɗebe 12,000 daga 19,000, saura 7,000. Wannan 7,000 ita ce ƙarin ciniki. Ku zagaye ta.

Ta uku: me zan ƙara kashewa saboda suyar ƙulin kaɗai? Itace 1,500. Gishiri da barkono da ɗan sukari 800. Ladan yarinyar da za ta taya mulmula 1,200. Leda 500. Ku haɗa a hankali, ku sake haɗawa: 4,000. Wannan a dama.

Yanzu 7,000 da 4,000, wanne ya fi? Ƙarin ciniki ya fi ƙarin kashewa da 3,000. Sai a soya.

Kun lura ban taɓa 33,000 ɗin nan ba? Da gangan ne. Nan ne kowane aji ke tuntuɓe, don haka za mu daɗe a wurin.

Darasi na uku

Wata ɗaliba a ajin bara, mace mai kaifin lissafi wadda ba a cutarta ko sisi a kasuwa, ta ce mini, “Malama, ai tunkuzar ba daga sama ta faɗo ba, da kuɗina na sayi gyaɗar.” Gaskiyarta. Sai ta raba 33,000 gida biyu, ta ɗora wa tunkuza 16,500, ta ƙara 4,000 na suya, ya zama 20,500. Ta dubi 19,000 na ƙuli ta ce faɗuwa ce ta 1,500, ta daina.

Na ce, “Yaya, in kin sayar wa mai kilishi, mai gyaɗa zai maido miki kuɗinki?” Ta ce a'a. “In kin soya fa, zai ƙara karɓar wani abu?” Ta ce a'a. To kuɗin da ba ya motsi ko kin bi nan ko kin bi can, ina ruwansa da zaɓin hanya? Ya riga ya fita tun kafin mai ya taso a turmi.

Mu gwada da lissafin gaba ɗaya don zuciya ta kwanta. In an sayar da tunkuza: mai 24,000, tunkuza 12,000, ya zama 36,000. Ɗebe 33,000, riba 3,000. In an soya: mai 24,000, ƙuli 19,000, ya zama 43,000. Ɗebe 33,000, ɗebe 4,000, riba 6,000. Tsakanin 6,000 da 3,000 nawa ne? 3,000. Ita ce dai 3,000 ɗin da muka samu ɗazu ba tare da mun waiwayi kuɗin gyaɗa ba. Da ta daina, a kowace matsa wannan kuɗin za ta riƙa bari.

Kuma me ya sa rabi da rabi? Wata za ta ce mai ya ɗauki kashi biyu cikin uku tunda ya fi tsada. Kowa da rabonta, kowa da amsarta, alhali kaskon ɗaya ne, ƙulin ɗaya. Wannan kaɗai ya isa ya nuna muku rabon ba shi ne alƙali ba.

Ku sa tafin hannu ku rufe hagu. Ku rufe sosai. Abin da ke ƙarƙashin hannun nan ba ya shiga wannan lissafi. Ku faɗa tare: kuɗin gyaɗa ba ya tsallake mararraba. Ku sake. Wadda ta manta kada ta ji kunya, ni ma sai da aka maimaita mini.

Kada a ce na ce kuɗin gyaɗa ba shi da amfani. Ranar da kike tunanin ko ki sake sayen wata gyaɗar ki matsa, ko ki bar sana'ar, ranar kam dole ki ƙirga shi, domin bai fita ba tukuna. Amma yau tunkuza na cikin roba tana kallonki.

Darasi na huɗu

Kuskure na biyu ya fi ba ni haushi, don sau uku na yi bayaninsa a allo. Na karɓi littattafai makon jiya, da yawa sun rubuta 19,000 a ɗebe 4,000, riba 15,000. Haba jama'a! Ina 12,000 ta mai kilishi? Ita ba sai kin hura wuta za ki same ta ba. Wadda ta tsallake tambaya ta biyu za ta ga riba kullum, ko da tana asara. A ɗebe kuɗin tunkuza tukuna, sannan a gwada da kuɗin suya. Kuma masu zuwa a makare su daina kwafar amsar maƙwabciya, kuskurenta kuke kwafa.

Man suya ma a auna shi kafin a zuba a kasko, a auna bayan an kwashe. Ƙuli yakan saki nasa man, sai ki ga ya ƙaru, ki sa a ƙarin ciniki. In ya ragu, ko ya yi duhu har ba a saye shi da kuɗin sabo ba, a sa a dama. Kwantai kuma ba ciniki ba ne, a ƙirga wanda aka sayar kawai.

Darasi na biyar

Amsa tana canzawa. Da kaka gyaɗa ta yi yawa, kowane gida na suya, a ce ƙulin ya tsaya a 15,500. Ƙarin ciniki 3,500, suya 4,000. An rasa 500, ga hayaƙi a ido. A kira mai kilishi.

Aikin gida: tunkuza 10,000, ƙuli 16,000, suya 4,500, gyaɗa da inji 28,000. Ɗaya daga cikin lambobin nan tarko ce. A kawo ranar Talata, kowa da nata littafin.