Suyar riɗi da 'ya'yan kabewa: kasko ko obin?

Riɗi ƙwayarsa ƙanana ce, ga mai da yawa, shi ya sa tsakanin soyuwarsa da ƙonewarsa ko minti 1 ba a yi. Kasko ya fi dacewa da shi, domin idonku na kai.

Mu ɗauki kofi 1 na farin riɗi. In an rege shi, a tsane, a shanya ya bushe sarai, don jiƙaƙƙen riɗi dunƙulewa yake yi, ya manne wa kasko. A ɗora kasko mai faɗi da kauri a matsakaiciyar wuta, ba mai, ba ruwa. A zuba riɗin a baza. In ya yi tudu, gara a raba shi biyu. Daga nan sai juyawa da cokalin katako, ana janyo na gefe zuwa tsakiya.

Minti 2 na farko kamar ba abin da ke faruwa, kuma a nan ne mutane ke juya baya su kama wani aiki. Kada ku yi haka. Can sai ƙamshi ya tashi, ƙwayoyi su fara tsalle suna ƙara, fari ya koma ruwan zuma. Yawanci minti 3 zuwa 5 ke nan. A murza kaɗan tsakanin yatsu: in ya farfashe ya bar maiƙo, ya yi. Nan take a juye a faranti mai faɗi, domin kasko ko an sauke shi yana ci gaba da suya. Baƙin riɗi ba ya nuna launi, sai a dogara da ƙamshi da murzawa. In kuwa aka ji ƙauri, ɗaci ya riga ya shiga, ba shi da gyara.

Ana iya sa riɗi a obin in yana da yawa: digiri 175 na Salshiyos, minti 8 zuwa 10, a juya a minti na 5, saboda gefen tire ya fi saurin yin ja.

'Ya'yan kabewa masu ɓawo kuwa, a ganina obin ne wurinsu. A kasko ɓawon kan ƙone alhali cikin bai soyu ba. A wanke su daga zaren kabewa, a bari su bushe, a shafa mai cokali 1 ƙarami ga kowane kofi, da ɗan gishiri. A baza a tire, kada wani ya hau wani. Digiri 150, minti 25 zuwa 35, ana juyawa duk bayan minti 10. A ciro guda, a bari ya huce, a tauna. In yana da danƙo, a ƙara minti 5. Ɓararru kuma kasko ya ishe su: cikin kamar minti 5 za su kumbura su fara fashewa.

Kada a rufe ko wanne a kwalba da ɗumi, tururi zai mayar da shi laushi.