Babi na Shida: Karanta Taswirar Dangi don Gano Hanyar Gado

A gidajenmu idan aka haifi yaro mai sikila, sau da yawa uwa ake kallo, a ce daga danginta ciwon ya fito. Taswirar dangi zane ne da ke nuna wa ya haifi wa, wa ke da ciwo, wa ba shi da shi. Wanda ya iya karanta ta zai gane da kansa inda gadon ya biyo. Ku ɗauko takarda da fensir, domin tare za mu zana.

Alamomin ba su da yawa. Namiji akwati ne mai kusurwa huɗu, mace kuma da'ira. Wanda ciwon ya bayyana a jikinsa, a cike alamarsa da baƙi. Wanda ke ɗauke da shi a ɓoye, a cike rabi. Layi a kwance tsakanin akwati da da'ira aure ke nan, idan auren zumunci ne sai a ja layi biyu. 'Ya'ya suna sauka ƙasa daga layin auren, babba a hagu, auta a dama. Wanda ya rasu ba a share shi, layi ake gittawa a kan alamarsa.

Gidan da za mu zana

Mu ɗauki misalin wani magidanci a Tudun Wadar Kaduna mai mata biyu. Ku zana akwatinsa a tsakiya, uwargida a hagu, amarya a dama. Amarya 'yar kawunsa ce, don haka layinsu biyu ne. Uwargida tana da 'ya'ya biyar, babu mai sikila. Amarya tana da huɗu, kuma ta ukunsu, mace, ita ce ke fama da ciwon ƙashi da ƙarancin jini, asibiti ya tabbatar sikila ce. Ku cike da'irarta da baƙi. Maigida da matansa duka lafiyarsu ƙalau.

Kullum daga alamar da aka cike ake fara karatu. Kowane mutum yana da ƙwayar gado biyu ta wannan sifa ta jini, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Ana rubuta lafiyayya da A, ta sikila da S. Idan A da S suka haɗu, A ce ke rinjaye, mutum ya zama AS, yana harkokinsa ba tare da ya san yana ɗauke da komai ba. Galibi sai S ta haɗu da S ciwon ke fitowa. Don haka ku rubuta SS a ƙarƙashin yarinyar.

Yanzu ku hau sama. S ɗinta biyu ne, kuma guda ɗaya kawai uwa za ta iya ba ta. Ɗayar dole daga uba ta zo. Tunda iyayen ba su da ciwon, kowannensu AS ne. Ku cike rabin akwatin maigida da rabin da'irar amarya. A nan zargin da ake yi wa amarya ita kaɗai ya faɗi, domin rabon maigida a cikin lamarin daidai yake da nata. Shi kuma layi biyun nan yana nuna cewa mai yiwuwa daga kaka ɗaya suka gaji S ɗin, amma ko ba zumunci hakan na faruwa, tunda kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya AS ne.

Idan AS ya auri AS, hanyoyin haɗuwa huɗu ne: AA sau ɗaya, AS sau biyu, SS sau ɗaya. Wannan lissafin na kowane ciki ne da kansa. Don amarya ta haifi mai sikila ɗaya, ba a ce uku masu biyowa sun tsira ba. Su kuwa 'ya'yanta lafiyayyu, mun riga mun san ba SS ba ne, saura hanyoyi uku, biyu daga ciki AS. Wato kowannensu ya fi kusa da zama AS fiye da AA.

Uwargida fa? Nan ne mutane suka fi kuskure. Ganin 'ya'ya biyar lafiya sai a ce ai AA ce. Taswira ba ta faɗi haka ba. Ko da AS ce, akwai damar kusan ɗaya cikin huɗu ta haifi biyar ɗin nan babu SS ko ɗaya. Abin da za ku rubuta a ƙarƙashinta shi ne A da alamar tambaya. Kuma ko AA ɗin ce, kowane ɗanta yana da damar rabi da rabi ta karɓar S daga mahaifinsa. Gwajin jini ne kaɗai ke cire alamar tambayar, irin wanda ake yi a manyan asibitoci kamar na Barau Dikko. Wanda aka ƙara wa jini cikin wata uku da suka wuce ya faɗa wa ma'aikacin lafiya kafin gwaji, domin jinin da aka ƙara masa yana iya ɓata sakamako.

Yaron da ba ya bambance ja da kore

A gidan dai, babban ɗan uwargida idan an aike shi sayen tumatir sai ya haɗo nunannu da ɗanye, ya rantse duk kala ɗaya ne. Mahaifinsa yana gani daidai, mahaifiyarsa ma haka, amma an ce mahaifinta shi ma ba ya bambance ja da kore. Ku zana wannan a sabuwar takarda, kada sifa biyu su cakuɗe, ku ƙara kakan a sama, ku cike akwatinsa da na jikan.

Nan ma iyaye lafiyayyu ne suka haifi mai larura, sai dai hanyar daban ce. Ƙwayar ganin ja da kore tana kan abin da ake kira X. Mace tana da X biyu, namiji yana da X ɗaya da Y ɗaya. Ɗa namiji Y yake karɓa daga uba, X ɗinsa kuwa daga uwa. Saboda haka maigida ba shi da hannu a nan. Kaka ya ba 'yarsa X ɗinsa guda ɗayan nan mai matsala, ita kuma lafiyayyen X da ta samu daga mahaifiyarta ya rufe mata, sai ta miƙa wa ɗanta, wanda ba shi da X na biyu da zai rufe masa. Ku cike rabin da'irar uwargida. Kowane ɗanta namiji yana da damar rabi ta fitowa haka, kowace 'yarta kuma damar rabi ta ɗauka a ɓoye.

To idan an ba ku taswira ba a faɗa muku ciwon ba, ta yaya za ku raba hanyoyin biyu? Ku nemi da'irar da aka cike, ku dubi mahaifinta. Kafin larurar da ke ɓuya a kan X ta bayyana ga mace, sai duka X ɗinta biyu sun samu matsala, ɗaya kuwa na uba ne, don haka dole shi ma ta bayyana gare shi. 'Yar amarya tana da ciwo, mahaifinta lafiya lau, wannan ya isa ya nuna sikila ba ta kan X take bi ba. Yawan maza masu larura alama ce kawai, a ƙaramin gida tana iya zama dacewa.

Taswira tana ɓaci idan aka bar wasu a baya. Ku tambayi tsofaffin gida da ladabi game da 'ya'yan da suka rasu suna ƙanana, da abin da ya same su. Jariri kuma kada a yi saurin cewa lafiyayye ne, domin alamun sikila ba su cika fitowa kafin ya kai wata biyar ko shida ba.

Aikin gida

Babban ɗan uwargida ya girma, ya auri mace wadda ba ta ɗauke da larurar launi, sun haifi maza biyu da mata biyu. Ku zana su, ku nuna wa za a cike, wa za a cike rabi, wa za a bari fari. Sannan ku rubuta gwajin da ya kamata shi da matarsa su yi tun kafin a ɗaura aure, da dalilin da taswirar farko ta bayar.