Kafin ku biya kuɗin manhajar gyaran bidiyo da umarnin baki

Jama'a, masu cewa manhaja tana gyara bidiyo da umarnin baki, ku gwada ta kafin kuɗinku ya fita. Ni na ɗauki bidiyon daƙiƙa 30 a bakin kasuwar Sakkwato, na ajiye kwafinsa daban, sannan na ba ta umarni ɗaya tak: ta yanke daƙiƙa 5 na farko. Lissafi a fili yake, dole 25 su rage.

Ta yanke daidai, amma da na fitar da bidiyon, sai na ga leɓen mai magana ya riga muryarsa. A cikin manhajar lafiya lau yake, shi ya sa nake roƙonku ku duba wanda ya sauka a wayarku. Ku kuma maimaita umarnin da Hausa, kusa da ƙarar babura, don tawa a nan ta kasa jina sam.