Darasi: Sabis ya cika, amma data ta ƙi buɗe shafi

Wata ɗalibar ajinmu, mai sayar da atamfa daga gida, ta zo ranar Talata da wayarta a hannu, ranta a ɓace. Ta ce: "Malam, dubi sabis ɗina, a cike yake fal, amma kwana biyu ke nan na kasa buɗe shafin da zan cike wa ɗana fom ɗin makaranta. WhatsApp kuwa yana tafiya lafiya lau." Har ta yanke shawarar kai wayar wurin mai gyara a kasuwa, ta ware naira dubu biyu. Na ce ta dakata mu duba tare. Cikin minti goma shafin ya buɗe, ba ta kashe ko sisi ba. Abin da muka yi a ranar shi za mu koya yau, don haka kowa ya fito da wayarsa.

Abin da sandunan sabis suke nufi

Ku dubi can saman fuskar wayarku. Waɗannan ƙananan sanduna huɗu ko biyar da suke jere, daga gajere zuwa dogo, abu ɗaya kawai suke faɗa: wayarku tana jin ƙarfen sabis da ke kusa da ku da kyau. Ba su san ko kuna da data ba, ba su san ko saitin wayar daidai yake ba. Kamar mutum ne da ya zo har bakin ƙofar banki. Zuwansa ya tabbata, amma cirar kuɗi sai yana da kuɗi a asusu, sai kuma ya faɗi lambar asusun daidai. Shi ya sa za ku iya kira, ku aika saƙon tes, amma shafi ya yi ta juyawa bai buɗe ba.

Kusa da sandunan akwai wata alama da ta fi su amfani a wannan matsala. Idan data a kunne take kuma ta haɗu, za ku ga 4G ko LTE ko H+ ko 3G ko E. Idan E kuka gani, kuna kan tsohuwar hanya mai jan ƙafa, shafi zai iya ɗaukar minti guda bai gama buɗewa ba. Idan ba ku ga ko harafi ɗaya ba, wayar ba ta haɗu da hanyar data ba kwata-kwata. A wayar ɗalibarmu 4G muka gani, don haka muka san ta haɗu, matsalar tana gaba.

Kafin mu yi nisa, masu waya mai layi biyu su duba wani abu. Yawancin wayoyinmu layi ɗaya suke ba wa data a lokaci guda. Sau da yawa mutum ya sayi data a layi na biyu, wayar kuma tana nema a layi na farko. Ku ja fuskar wayar daga sama zuwa ƙasa ku tabbatar Mobile data a kunne take, sannan ku shiga Settings, wurin da aka jera layukan, ku ga wanne aka zaɓa wa data.

Fara da tambayar kamfani: nawa ya rage?

Wannan shi ake fara dubawa, domin shi ya fi yawan faruwa kuma ba a biyan komai. Tun shekarar 2023 Hukumar Sadarwa ta Nijeriya, NCC, ta sa duk kamfanonin waya su koma amfani da lambobi iri ɗaya. Ko wane layi kuke riƙe da shi a Nijeriya, ku buɗe wurin kira ku danna wannan, ku aika ta layin da kuka sayi datar:

```
*323#
```

Lambar ba ta bukatar data, tana bin hanyar da kira yake bi. Amsa za ta fito a fuskar waya ko ta zo a saƙon tes. Kada ku yi saurin rufewa. Akwai abu uku da nake so ku karanta a tsanake, ko ku ba wani ya karanta muku.

Na farko yawan abin da ya rage. Za ku ga lamba da MB ko GB a gabanta. MB shi ne mega, GB shi ne giga, kuma giga ɗaya mega 1024 ce. A nan mutane suke ruɗewa: wanda ya ga 0.02GB sai ya ɗauka yana da sauran giga, alhali mega ashirin ce kacal, wadda bidiyo ɗaya zai iya lashewa.

Na biyu ranar ƙarewa. Data tana da wa'adi: akwai ta kwana ɗaya, ta mako, ta wata. In wa'adin ya cika, ta daina aiki ko da ba ku taɓa rabinta ba. Ku nemi kalmar expires ko valid till, kwanan watan da ke bayanta shi ne ranar.

Na uku, wanda aka fi mantawa da shi, irin datar. Ba kowace data ce take buɗe komai ba. Akwai wadda aka ware don dandalin zumunta kawai, irin su WhatsApp da Facebook, za ku ga an rubuta Social a jikinta. Akwai ta dare, mai ɗauke da kalmar Night, wadda ba ta aiki sai tsakar dare zuwa asuba. Akwai wadda aka ware wa YouTube shi kaɗai. Mutum yana iya riƙe da giga biyu na irin waɗannan, amma shafin makaranta ko na banki ya ƙi buɗewa da rana tsaka, kuma wayar ba ta da laifi. In haka ne, sai ku danna `*312#` ku sayi data ta gama-gari. In kuna son ganin kuɗin katinku, `*310#` ne. 'Yan uwanmu na Nijar lambobinsu daban ne, sai su tambayi kamfanin layinsu, amma karatun saƙon iri ɗaya ne.

Da na ji ɗalibarmu ta ce WhatsApp yana tafiya shafi ba ya buɗewa, wannan na fara zargi. Sai saƙon ya nuna tana da 1.2GB na data ta gama-gari, saura kwana goma sha ɗaya wa'adinta ya cika. Ke nan kuɗi yana asusu. Saura mu duba adireshin da wayar take bi.

Saitin APN

APN suna ne da wayarku take faɗa wa kamfani don ya buɗe mata ƙofar intanet. Kowane kamfani da nasa. Yawanci da zarar an sa layi waya take ɗaukar saitin da kanta, shi ya sa mutane da yawa ba su taɓa jin sunansa ba. Yana lalacewa ne idan wani ya taɓa shi, ko wayar ta hannu ce da ta zo daga waje da tsohon saiti, ko an canja layi wayar ta riƙe na baya.

Ga yadda ake kai wa wurinsa. A Samsung ku bi Settings, sai Connections, sai Mobile networks, sai Access Point Names. A Tecno da Infinix da itel ku shiga Settings, ku shiga wurin layuka, ku taɓa layin da kuke so, za ku ga Access Point Names a ciki. In kun ɓata, ku rubuta APN a wurin bincike da ke saman Settings, zai kai ku kai tsaye.

Za ku tarar da suna ɗaya ko biyu ko uku, ɗaya daga ciki yana da ɗigo a gefensa. Mai ɗigon shi wayar take amfani da shi. Ku taɓa sunan ya buɗe, ku nemi wurin da aka rubuta APN, ku gwada da waɗannan:

```
MTN: web.gprs.mtnnigeria.net
Airtel: internet.ng.airtel.com
Glo: gloflat
```

Harafi ɗaya in ya ɓace, ko aka sa waƙafi a wurin ɗigo, ko aka bar fili a tsakiya, zai iya hana aiki. Ku bi shi da yatsa harafi bayan harafi.

A wayar ɗalibarmu sunan daidai yake. Amma ƙasa da shi akwai wurare biyu, Proxy da Port, kuma a nan ɓarnar take. Ya kamata su kasance babu komai, wato a ga Not set. Nata kuwa akwai wasu lambobi a Proxy, akwai 8080 a Port. Da na tambaye ta, sai ta tuna wani yaro a unguwarsu ya karɓi wayar ya ce zai saita mata intanet na kyauta. Abin da ya yi shi ne ya umarci wayar ta riƙa aika duk buƙatar shafi ta hannun wani ɗan aike, ɗan aiken kuma ba ya nan. Burauza, wato manhajar da ake buɗe shafi da ita, tana bin wannan umarni, sai ta tsaya tana jira. WhatsApp ba ya bi ta wurin, shi ya sa ya ci gaba da aiki. Ku riƙe wannan alama da kyau: in hira tana tafiya shafi ba ya buɗewa, ko dai datar ta zumunta ce, ko akwai abu a Proxy. Ni dai ina roƙonku, kada ku ƙara ba kowa wayarku da sunan intanet na kyauta. Ban da lalata saiti, kuna tura abin da kuke buɗewa ta hannun wanda ba ku sani ba.

Gyaran bai buƙaci rubutu ba. Mun koma jerin sunayen, muka taɓa ɗigo uku da ke kusurwar sama, muka zaɓi Reset to default. Wayar ta goge abin da aka ƙara, ta dawo da saitin kamfani. A nan ku buɗe ido sosai. Reset to default na cikin Access Point Names ba ya taɓa hotuna ko lambobin mutane. Amma akwai wani mai kama da shi a wani ɓangaren Settings, Factory data reset, wanda yake share duk abin da ke cikin waya. Ba ruwan wannan darasi da shi, kuma duk wanda ya ce sai an yi shi kafin data ta dawo, ku karɓi wayarku.

In kun yi haka jerin ya zama fayau babu suna ko ɗaya, ku taɓa alamar + ko Add. A Name ku rubuta sunan kamfanin, a APN ku rubuta nasa daga cikin na sama, ku bar Proxy da Port babu komai. Kada ku taɓa MCC da MNC, wayar takan cike su daga layin. MCC na Nijeriya 621 ne. Sannan ku taɓa ɗigo ukun nan ku zaɓi Save. Mutane da yawa sukan fita ba su yi Save ba, aikin ya tashi a banza. Bayan haka ku sa wa sabon sunan ɗigo.

Daga nan muka kunna Airplane mode, mai hoton jirgin sama, muka ƙirga talatin, muka kashe. Wannan yana sa wayar ta sake gaisawa da ƙarfen sabis da sabon saiti. 4G ta dawo, ta buɗe shafin makarantar, ya fito nan take.

In duk wannan bai yi ba, ku cire layin ku sa a wayar wani. In ya yi aiki a can, matsalar a wayarku take, sai ku duba ko akwai manhajar VPN a kunne, za ku ga ɗan hoton makulli a sama, ku kashe ta. In can ma bai yi ba, ku kira 300 ta wannan layin, ku gaya wa ma'aikacin yawan datar da ta rage, da ranar ƙarewarta, da cewa kun riga kun mayar da APN yadda yake.

Aikin gida

Kowa ya danna `*323#` a wayarsa, ya kwafe a littafinsa yawan datar da ta rage, da irinta, da ranar ƙarewarta. Sannan ya shiga Access Point Names ya kwafe abin da ya gani a layin APN da Proxy da Port, ba tare da ya canja komai ba. Ku zo da littafin darasi mai zuwa, za mu gwada na kowa da na maƙwabcinsa a aji.