Inshorar mai gida ba ta biyan kayan ɗan haya

Kuskuren da ya fi cutar da 'yan haya shi ne su ji mai gida ya ce ya yi wa gidansa inshora, sai hankalinsu ya kwanta. Abin da takardarsa ta ƙunsa gini ne: bango, rufi, silin, ƙofofi, tagogi, wayoyin lantarki da bututun ruwa. Idan gobara ta tashi, shi kamfani zai biya ya gyara gidansa. Gado, katifa, kujeru, firji, janareto, baturan sola da akwatunan lefen uwargida kuwa, ba wanda zai biya ko sisi a kansu, domin ba mallakar mai gida ba ne. Ko kotu aka je, sai ka tabbatar da cewa sakacinsa ne ya jawo wutar, kuma wannan ba ƙaramin aiki ba ne. Mafita ita ce ka yanki inshorar kayan cikin gida da sunanka. Mai gudun riba yana da takaful, wato inshora bisa tsarin Musulunci, kamar na Jaiz da Noor, waɗanda hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ta ba lasisi.

Kuskure na biyu ya fi ba ni takaici, saboda mutum ya biya kuɗinsa amma ya tashi da rabi. Shi ne rage darajar kaya don kuɗin shekara ya yi sauƙi. A ce kayan ɗakinka sun kai naira miliyan 4, ka rubuta miliyan 2. Wuta ta ci falo kaɗai, asarar miliyan 1. Za ka zaci za a ba ka miliyan ɗayan cif, tunda bai kai abin da ka rubuta ba. Ina! Kamfani zai ce rabin darajar kaya ka yi wa inshora, don haka rabin asara zai biya, wato 500,000, kuma akan cire wani ɗan kaso da aka yi yarjejeniya kai za ka ɗauka. Don haka bi ɗaki-ɗaki ka rubuta komai da farashin kasuwa na yau, ka sabunta lissafin duk shekara, tunda firjin da aka saya shekara uku da suka wuce ba kuɗinsa ke nan ba yanzu.

A karanta sharaɗin sata da kyau. Yawanci sai an ga alamar fasa ƙofa ko ɓalle taga ake biya, kuma za a nemi rahoton 'yan sanda. Zinare akan ƙayyade masa iyaka, sai dai in an rubuta shi daban da darajarsa.

Sai maganar hujja. Rasit ɗin da ke cikin durowa tare da kaya yake ƙonewa. Ɗauki hoton kowane ɗaki da rasit da lambar jikin na'ura, ka tura wa kanka ta imel. In ka tashi daga gidan, sanar da kamfani sabon adireshi, domin adireshin da ke kan takarda suke bi.