Yadda za ku auna taken aikin shekarar ƙarshe kafin ku miƙa shi

Assalamu alaikum, ƙannena ɗaliban ilimin kwamfuta da ke shekarar ƙarshe a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo.

Idan fannonin da ke gabanku sun yi yawa har kun rasa wanda za ku ɗauka, ku fara tace su da tambaya guda: a ina zan samo bayanan da manhajar za ta yi aiki da su, kuma wa zai yarda ya ba ni su cikin mako biyu?

Na taɓa ganin ɗalibin da ya zaɓi gina manhajar gano cuta daga hotunan asibiti, ya shafe wata uku yana zirga-zirga da takardar neman izini, domin bayanan marasa lafiya amana ce da ba a saki haka nan. Daga baya ya koma kan wani ɗan kasuwa mai sayar da albasa, wanda ke rubuta bashin abokan cinikinsa a littafi. Ya ɗauki hoton shafuka talatin bayan an rufe sunayen mutane, ya tsara teburi uku a SQLite, na masu saye, na buhunan da suka fita da na biyan kuɗi, sannan ya sa manhajar ta yi aiki ba tare da intanet ba, saboda a rumfar sabis yakan yanke. A ganina wannan taken ya fi na farko ƙarfi, tunda ranar kare aiki ya nuna minti nawa lissafin bashi ke ci da littafi, da kuma minti nawa yake ci da waya.

Kafin ku je wurin malamin da ke duba aikinku, ku rubuta matsalar a jimla ɗaya. Idan sai da sakin layi take bayyana, taken ya yi faɗi, ku rage shi.