Darasi: Imel ko WhatsApp, Wanne Ya Dace da Saƙonka?

A ɗauka wata ma'aikaciya ce aka kira da asuba aka shaida mata cewa an kwantar da mahaifiyarta a asibiti a garinsu, dole ta kama hanya kafin a buɗe ofis, kuma tana bukatar hutun kwana 3. Labarin na gaggawa ne, yana ɗauke da sirrin iyali, sannan neman hutu magana ce ta hukuma.

Abu na farko shi ne ta sanar da shugabanta ta WhatsApp, domin mutane sun fi saurin duba shi fiye da imel, kuma yana nuna inda saƙo ya tsaya. Alamar maki ɗaya mai launin toka tana nufin saƙon ya tafi amma bai isa wayarsa ba, wataƙila datarsa a kashe take. Biyu masu launin toka suna nufin ya isa, idan kuma suka koma shuɗaye, an buɗe shi. Sai dai wasu sukan kashe alamar shuɗin, saboda haka idan lokaci yana tafiya babu amsa, ta kira shi kawai.

Saƙon ya tafi ga shugaban shi kaɗai, ba zauren ma'aikata ba. Gaskiya ne WhatsApp yana kulle saƙo ta yadda ba a iya karanta shi a hanya, amma kullin ba ya hana wanda ya karɓa tura shi gaba ko ɗaukar hotonsa, kuma a gidaje da yawa waya ɗaya takan bi hannun yara da manya. Don haka ya isa ta rubuta cewa mahaifiyarta ba ta da lafiya, ba sai ta ambaci cutar ba. Idan ta yi kuskuren turawa zaure, Delete for everyone yana aiki na kimanin kwana 2, amma wanda ya riga ya karanta ya karanta.

Bayan ta natsu, a ranar, sai ta rubuta imel, domin shi ne shaidar da za a nema idan aka zo lissafin kwanakin da ba ta zo aiki ba. A gurbin Subject ta rubuta “Neman hutun kwana 3”, a ciki ta gaisa a taƙaice, ta faɗi ranar tafiya da ranar dawowa, ta rufe da cikakken sunanta. Adireshin jami'in kula da ma'aikata ya shiga gurbin Cc don ya sami kwafi. Ta duba adireshin da kyau kafin ta aika, domin a Gmail damar janye saƙo da Undo ba ta wuce daƙiƙa 30.

Da labarin rasuwa ne za a kai wa ɗan'uwa na kusa, da ba imel ba WhatsApp: kira ake yi, ko a tura dattijo ya je da kansa.

Aikin yi: rubuta saƙon WhatsApp na wannan ma'aikaciya cikin jimla biyu, sannan ka rubuta imel ɗinta.